Yadda Shekara Goma Ta Ɓace Daga Fayil Ɗina Na Fansho

Ni tsohon akawu ne. An ɗauke ni aikin gwamnatin jiha a 1981 a matsayin mataimakin akawu, mataki na 03, na kuma ajiye aiki a 2016 ina babban akawu, mataki na 07, wanda shi ne ƙarshen tsanin akawu. Kusan duk rayuwata ta aiki a ofishin rajista na yi ta, wato ɗakin da ake ajiye fayil, ake buɗe sabo, ake rubuta shigarsa da fitarsa. Na faɗi wannan tun farko ne domin a gane cewa abin da ya same ni bai sami wanda bai san takarda ba. Wanda ya shekara 35 yana ɗaure fayil ɗin mutane shi ne aka wayi gari ana ce wa nasa bai cika ba.

Bayan na yi ritaya fansho ya fara shigowa, duk da an ɗan ja lokaci kafin a sa ni a jerin masu karɓa. Garatuti ma an biya ni, kashi-kashi, har ya cika. Na shekara wajen biyar ina karɓar abina lafiya, sai aka yi sanarwa a rediyo cewa za a tantance dukkan 'yan fansho saboda a fitar da na bogi. Ban ga laifin wannan ba, har yau ma ban gani ba. Na san ana barin sunan mamaci a takardar biya, na san akwai sunayen da ba su taɓa zama a kan kujerar aiki ba. Na ɗauki takarduna a jakar leda na je, aka ɗauki hotona, aka ɗauki hoton yatsuna, aka karɓi lambar BVN da lambar asusun banki, aka ba ni 'yar takarda aka ce in tafi. Ƙarshen wata maƙwabcina, tsohon direban ma'aikatar ayyuka, ya leƙo yana tambaya ko na ji alat. Ban ji ba. Wata na biyu ma shiru. Nan na shirya na nufi babban birnin jiha.

A ofishin fansho an manna takardu a jikin bango, sunaye jere, an kasa su gida-gida: waɗanda ba su zo tantancewa ba, waɗanda sunansu na banki ya saɓa da na aiki, sai kuma wani rukuni da aka ce ana bincike a kansu. A wannan rukuni na ƙarshe na tsinci sunana. Wani yaro da ke gaban kwamfuta, wanda bai wuce sa'ar ɗana na uku ba, ya buga lambar fayil ɗina ya juyo mini da allon.

"Baba, ka ga matsalar nan. Ranar fara aikinka 1991 ce a nan, ka yi ritaya 2016. Shekara 25 ke nan. Amma an yi maka lissafin shekara 35."

Na ce, "Yarona, a 1991 ina da mata da 'ya'ya biyu, ina da shekara goma a bakin aiki."

Ya ce, "Wallahi Baba ban ƙaryata ka ba, amma abin da ke cikin fayil shi aka shigar. Sai ka kawo shaida."

Bari in bayyana abin da wannan shekara goma take nufi a kuɗi, don wanda bai yi aikin gwamnati ba zai ɗauka gyaran rubutu ne kawai. Mu 'yan tsohon tsari ne. Dokar fansho ta 2004, wadda aka sake a 2014, ta kawo tsarin da ake cire wani kaso daga albashin ma'aikaci, gwamnati ta ƙara nata, a tara masa a asusunsa. Amma wannan doka ba ta hau kan ma'aikatan jiha kai tsaye, sai jiha ta yi tata dokar, kuma irina ba a shigar da mu ba. A tsohon tsari shekarun aiki su ne komai. Wanda ya yi shekara 10 yana samun fansho kashi 30 cikin ɗari na albashinsa na ƙarshe, da garatuti daidai da albashin shekara guda. Kowace shekara da ta ƙaru, fansho ya ƙaru da kashi 2, garatuti ya ƙaru da kashi 8. Idan mutum ya cika 35, fanshonsa ya kai kashi 80, garatutinsa ya kai albashin shekara uku, daga nan ba ƙari.

To a ce albashin da ake lissafi da shi naira 40,000 ne a wata. Mai shekara 35 zai riƙa karɓar 32,000, mai shekara 25 kuwa kashi 60 ne nasa, wato 24,000. Garatutin na farko 1,440,000, na biyun 1,056,000. Ke nan a idon wannan kwamfuta an biya ni rarar kusan 400,000 a garatuti, ana kuma ba ni rarar 8,000 duk wata tun da na bar aiki. Ba dakatar da fanshona kaɗai ke gabana ba. Idan ban kawo shaida ba, za a mayar da ni kan shekara 25, sannan a riƙa zaftare abin da aka ce na ci ba bisa ƙa'ida ba. Akwai kuma abin da ya ƙara jawo mini zargi. Ma'aikaci yana ritaya ne idan ya cika shekara 35 yana aiki ko shekara 60 da haihuwa, duk wanda ya riga zuwa. An haife ni a 1960, don haka a 2016 shekarata 56. Idan da gaske a 1991 na fara aiki, ban cika ko ɗaya ba, kuma babu takardar da ta nuna na nemi ajiye aiki don raɗin kaina. Duk wanda ya kalli wannan lissafi zai ce akwai lauje cikin naɗi.

Shaidar da ta fi kowace ƙarfi ita ce takardar ɗaukar aiki ta farko, kuma tawa ba ta nan. Tana cikin akwatin ƙarfe da ruwa ya shiga shekarar da ɗakina ya zube da damina. Abin da ya tsira shi ne takardar ƙarin girma ta ƙarshe, takardar amincewa da ritaya, takardar rantsuwar shekarun haihuwa, da takardar albashin watan ƙarshe. Ranar tantancewa na faɗa musu haka, suka ce ba komai, za a duba fayil. Ashe fayil ɗin ne zai kayar da ni.

Daga nan zaman benci ya fara. Na sauka a gidan ɗan ƙanwata a bayan gari, kullum in yi sallar asuba in karya, in hau ɗan sahu in isa kafin ma'aikata. Akwai wata bishiyar darbejiya a harabar ofishin, a ƙarƙashinta muke taruwa, tsofaffin malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, masu gadi, leburori. Wani da sanda, wani jikansa ya riƙo shi, wata an kawo ta a keken guragu daga ƙauye don kawai a ga tana da rai. Wakilin ƙungiyar 'yan fansho yana zagayawa da littafi yana rubuta sunaye, mai shayi da mai ƙosai suna cin kasuwarsu, mai fotokwafi a bakin ƙofa ya fi kowa ciniki. Amsoshin da ake ba mu ba su da yawa: oga ya shiga taro, ba wuta, ba sabis, mai riƙe da makullin sito bai zo ba, a dawo ranar Litinin. Na san waɗannan amsoshi sarai, na san wacce gaskiya ce, na san wacce ake faɗa don mutum ya matsa daga bakin taga.

Makon farko na ɓata shi ne wajen neman abu ɗaya, a bar ni in ga fayil ɗina da idona. A ƙa'ida ba a ba ma'aikaci fayil ɗinsa a hannu, kuma ƙa'ida ce mai kyau, don mutum zai iya zare takardar gargaɗi ko ya cusa wadda ba ta ciki. Saboda haka ban nemi a ba ni ba. Na rubuta takarda zuwa ga shugaban ofishin ina roƙon a buɗe fayil ɗin a gaban jami'i ina kallo, na yi kwafi biyu, na sa aka buga mini hatimin karɓa da kwanan wata a kan nawa. Wannan hatimi shi ne bambancin takardar da ta shiga ofis da wadda aka miƙa wa wani a baranda. Wadda ba hatimi, gobe za a ce ba a gan ta ba, kuma ba ka da ta cewa.

Da aka amince, shugaban rajista ya ɗauko fayil ɗin ya ajiye a kan teburinsa. Bangon sabo ne fil, ba wanda na sani ba, da sunana da lamba an rubuta da maka. Ya kwance igiyar ya buɗe. Takarda ta farko ita ce wadda aka tura ni sabuwar jiha a 1991. Ya ce, "Ka gani ko, Baba? Daga nan ya fara." Ban kalli rubutun takardar ba, kusurwar sama ta hannun dama na kalla, inda akawu yake sa lambar shafi ya zagaye ta da biro. Lambar da ke wurin 143 ce.

Na ce, "Malam, don Allah dubi nan. Ka taɓa ganin fayil ya fara da shafi na 143?"

Ya yi shiru, ya ɗaga shafi na gaba, 144, na gaba 145. Na ce masa wannan kundi na biyu ne. Idan fayil ya yi kauri har igiya ta kasa riƙe shi, ana rufe shi a buɗe wani da lambar fayil iri ɗaya, a rubuta a bango cewa na biyu ne, a ci gaba da ƙirga shafi daga inda aka tsaya. Wani ya ga bangon ya yage ya sauya shi, da kyakkyawar niyya ma wataƙila, amma bai kwafe wannan rubutun ba. Yaran da aka ɗauko su shigar da bayanai a kwamfuta kuwa an ce musu su duba takarda ta farko su ɗauki ranar fara aiki. Sun duba, sun ɗauka. Akwai shafi 142 a wani wuri, kuma a cikinsu takardar ɗaukata aiki take, da takardar tabbatar da ni bayan shekara biyu na gwaji, da ƙarin girman da na samu kafin a raba jiha.

Shugaban rajistan mutumin kirki ne, ya yarda da maganata nan take. Amma yardarsa ba ta shiga kwamfuta. Ya ce ko a nemo kundi na farko, ko in kawo kwafin takardun daga inda aka fitar da su, wanda jami'i ya sa wa hannu cewa daidai yake da na asali.

Na fara da hanya ta biyu, don na san takardar gwamnati ba ta fita ita kaɗai. A zamaninmu idan za a buga takardar ɗaukar aiki a tafireta, sai a jera farar takarda da kabon, a buga guda huɗu ko biyar lokaci ɗaya. Ta sama ta mai ita ce, ɗaya ta fayil, ɗaya ta ofishin Akanta Janar don a buɗe katin albashi, ɗaya ta ofishin Odita. A ƙasan takardar ake jera waɗanda aka aika wa. Ke nan ko gidanka ya ƙone, takardarka tana wani wuri. Damuwar ita ce wurin yana wata jiha yanzu. A watan Agusta na 1991 gwamnatin Babangida ta ƙirƙiro sababbin jihohi tara, tamu tana ciki, aka ce kowa ya koma jiharsa ta asali. Ina cikin waɗanda suka loda fayil a bayan manyan motoci a lokacin, an ɗaure su dami-dami da igiya, wasu a buhu. Fayil ɗin mutum ya bi shi, amma kwafin da ke baitulmali da sauran ofisoshi ya zauna a tsohuwar hedikwata.

Na ranci kuɗin mota na tafi can. Na fara zuwa hukumar kula da ma'aikata, inda wani dattijo ya tuna mini abin da na sani na manta, cewa ƙananan ma'aikata daga mataki na 06 zuwa ƙasa ba hukumar ke ɗaukarsu kai tsaye ba. An wakilta wa ma'aikatu wannan iko, don haka takardun mai mataki na 03 a ma'aikatarsa suke. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa wahalar tantancewa ta fi faɗa wa masinja da mai gadi da akawu. Babban jami'i sunansa yana wurare da yawa, ƙaramin ma'aikaci kuwa tarihinsa duk yana cikin bango ɗaya. Na je tsohuwar ma'aikatarmu na tarar an sauya mata suna, an haɗe ta da wata, an kuma tashi daga ginin da na sani. Aka nuna mini ɗakin da aka zuba tsofaffin takardu. Gara ta gama da na ƙasa, na sama kuma ba jeri ba lamba. Wanda ke kula da wurin ya ce, "Alhaji, ko wata uku ka yi a nan ba lalle ka samu ba." Na duba na ga gaskiyarsa, na dawo hannu rabbana.

A mota ina dawowa na yi ta juya abin a raina. A 2016 an yi mini lissafin shekara 35, kuma Odita ba ya sa hannu a takardar lissafin fansho sai ya ga takardar fara aiki da idonsa. Ke nan a 2016 kundi na farko yana nan, ya je ofishin Odita tare da na biyu. Ba a 1991 ya ɓata ba, bayan ritayata ne. Fayil kuwa ba ya tafiya da ƙafarsa. Duk inda zai je sai an rubuta a littafin fita, masinja ya kai, wanda ya karɓa ya sa hannu.

A nan Allah ya haɗa ni da wani tsohon masinja da ya rage saura kaɗan shi ma ya yi ritaya. Mun taɓa aiki a ma'aikata ɗaya, ya gane ni a ƙarƙashin darbejiya ya zo muka gaisa. Da na ba shi labari ya ce, "Malam, littattafan fita na shekarun nan suna saman kabad a rajista, ba wanda ya taɓa su." Da izinin shugaban rajista aka sauko da na 2016, muka bi shi layi-layi da yatsa. Muka sami ranar da fayil ɗina ya tafi ofishin Odita, an rubuta kundi biyu. Na je ofishin Odita da wannan kwanan wata, na sake rubuta takarda, na sake zaman jira. Su ma suka duba nasu littafin, ya nuna sun mayar da kundi biyu, ga sa hannun wanda ya karɓa a ofishin fansho. Suka kuma ba ni kwafin takardar lissafin da suka amince da ita, wadda ta nuna 1981 ƙarara, aka buga mata hatimi.

Na ɗauka magana ta ƙare, amma daraktan da ke kula da binciken ya ƙi karɓar wannan ita kaɗai. Na ce, "Ranka ya daɗe, ga hatimin Odita." Ya ce, "Baba, wannan lissafin shi ne abin da ake tuhuma. Ba zan kafa hujja da shi a kan kansa ba. Kawo mini takardar da aka gina shi a kanta." Raina ya ɓaci a ranar, har na kasa cin abincin dare. Amma in za a bi gaskiya, da ni ne a kujerarsa abin da zan faɗa ke nan. Masu cuwa-cuwar fansho ta takardar lissafi suke shigowa.

Abin da ya rage shi ne a gano inda kundi na farko ya shiga bayan ya dawo cikin ginin. Na tambayi shugaban rajista yadda suke jera fayil, ya ce da lamba. Nan take na gane. Da muka zo sabuwar jiha an ba kowa sabuwar lambar fayil. Kundi na biyu yana ɗauke da sabuwar, na farko kuwa an rufe shi da tsohuwar lambar tsohuwar jiha a bangonsa. Muddin suna ɗaure tare ba matsala. Ranar da igiya ta tsinke suka rabu, wanda ya tsinci na farko zai ga lambar da ba ta cikin jerinsu, sai ya ajiye shi gefe. Na tambaya ko akwai inda ake tara fayil ɗin da ba a san gurbinsu ba. Masinjan ya yi dariya ya ce akwai, sito na baya.

Samun makullin wannan sito ya ci kusan mako guda, don mai riƙe da shi ya tafi ta'aziyya garinsu. Da aka buɗe, buhuna ne jingine da bango, da wasu fayil a zube a kan tsohon teburi, ƙura ta yi musu lulluɓi. Ba a bar ni in taɓa ba, kuma ban nema ba. Na tsaya a bakin ƙofa na rufe hanci da hula, na faɗa wa masinjan da wani yaro mai hidimar ƙasa tsohuwar lambata, wadda har yau ina iya karanto ta ko daga barci aka tashe ni, na kuma ce su nemi bango mai ruwan ƙasa da tambarin tsohuwar jiha. Ranar farko ba a samu ba. Kashegari bayan azahar yaron ya ɗago wani ya karanto lambar. Gefensa ya ɗan ci ruwa, ƙusar da ke maƙale da takardu ta yi tsatsa ta ɓata kusurwa, amma rubutun yana nan. Shafi na 1 takardar neman aiki ce da na rubuta da hannuna, shafi na 4 kwafin kabon na takardar ɗaukata aiki, shuɗin rubutun ya dusashe amma 1981 tana karantuwa. Shafi na ƙarshe 142.

A cikin wannan buhu kaɗai na hango fayil masu irin wannan bango da yawa. Na ce wa shugaban rajista ya gwada sunayensu da na rukunin da ake bincike a jikin bango. Ya ce zai yi, daga baya kuma na ji wasu sun fita ta wannan hanya.

Ko da aka haɗa kundin biyu ba a gyara kwamfuta a ranar ba. Sai da shugaban rajista ya rubuta bayani a fayil zuwa ga darakta, darakta ya tura wa mai binciken kuɗi na cikin gida, shi kuma ya mayar wa shugaban ofishin ya amince, sannan aka ba masu kwamfuta umarni a rubuce. Kowane tebur kwana biyu ko uku, wani ya fi. Abin da na riƙa yi shi ne in tambayi littafin fita, in san teburin da fayil yake, in je in gaida mai teburin in koma benci. Ba na cewa a yi mini sauri, ganina kawai yana hana a danne shi a ƙasan tari. Sau ɗaya wani ya raɓo ni a baranda ya ce idan na ba da na goro zai sa a gama a kwana biyu. Na ce masa wanda fanshonsa ya tsaya wata da watanni ina ya ga goro. Bai sake tare ni ba.

Ana gab da gamawa sai ga wata sabuwa. Sunana na aiki yana ɗauke da sunan garinmu a ƙarshe, kamar yadda ake rubuta yara a makaranta a zamaninmu, na banki kuwa sunan mahaifina ne a ƙarshe, don haka yake a katin ɗan ƙasa. A da ba wanda ya damu, lambar asusu kawai ake bi. Yanzu sai sunan da ke kan BVN ya dace da na takardar biya. Wannan bai ba ni wuya sosai ba. Na je babbar kotu na yi rantsuwa cewa sunayen biyu duk ni ne, na buga sanarwa a jarida, na kai musu kwafi. Amma na ga waɗanda wannan kaɗai ya tsayar da su watanni, musamman masu suna irin Muhammadu da aka rubuta Mamman a wani wuri, ko matan da suka fara aiki da sunan uba suka ƙare da na miji.

Fanshona ya dawo a kan kashi 80 kamar da, ba a cire mini ko kwabo ba. Kuɗin watannin da aka dakatar kuwa an ce ariyas ne, sai an haɗa na kowa an kai wa Akanta Janar, har yanzu ban gan su ba, bashin da na ci na mota da abinci kuma da fanshon da ya dawo nake biyansa kaɗan-kaɗan. Kafin in baro ofishin na roƙi a yi mini kwafin shafi na 4 da takardar tabbatar da aiki, jami'i ya sa hannu ya buga hatimi. Na yi musu kwafi uku, ɗaya a gidana, ɗaya wurin babban ɗana, ɗaya wurin ɗan ƙanwata, yaran kuma sun ɗauki hotonsu a waya.

A cikin waɗanda muka yi zaman benci tare akwai wata baiwar Allah, mijinta mai gadi ne a wata makarantar kwana, ya rasu bai gama karɓar garatutinsa ba. Ita ma an ce mata ranar fara aikinsa 1991 ce. Ta riga ta kawo takardar shaidar rasuwa da takardar kotu ta magada, amma ba ta da takardarsa ko ɗaya ta kafin raba jiha, ba ta kuma san tsohuwar lambarsa ba. Na rubuta mata takardar neman a buɗe fayil, na raka ta aka buga hatimin karɓa. Da aka buɗe, nasa ya fara ne daga shafi na 58. An duba buhunan sito ba a ga kundinsa na farko ba, littafin fita na shekarar da ya yi ritaya kuma ba ya cikin na saman kabad. Yanzu muna neman wani abokin aikinsa da aka ɗauke su rana ɗaya, don a wancan lokaci akan buga sunayen masu gadi da leburori da yawa a takarda guda, kowa a sa masa kwafi a fayil ɗinsa. An ce mutumin yana da rai, yana wani ƙauye kusa da iyakar Nijar, ɗanta zai je nemansa ranar kasuwar garin.